Tokar Kwal da Kashin Ƙarfe a Madadin Siminti: Wurin Haɗinsu Masana'anta ne, ba Bakin Gini ba

Tun daga farkon shekarar 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma a sassa da dama na ƙasar nan, duk mai gini a Yola da Jimeta ya shiga neman hanyar da zai rage yawan buhunan da yake saye. A irin wannan yanayi ne wata magana ta fara fitowa daga ajujuwan injiniyoyi tana isa ga masu buga bulo da 'yan kwangila, cewa a ƙasashen da suka ci gaba ana rage siminti a cike gurbinsa da tokar kwal ko kashin ƙarfe, kuma ginin ya fi ƙarko. Maganar gaskiya ce. Sai dai gaskiyar da aka ɗauko rabinta aka bar rabi tana iya rusa gida. Ra'ayina shi ne waɗannan kaya suna da amfani na haƙiƙa, amma a halin da Adamawa take ciki, wurin da ya dace a haɗa su da siminti shi ne cikin masana'anta, ƙarƙashin awo da gwaji, ba a bakin gini da shebur da kwano ba.

Sai mun fara sanin abin da ke cikin buhu kafin mu san abin da za a iya cirewa daga cikinsa. Ana ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderu mai zafin da ya kai kusan digiri 1,450, su dunƙule su zama wasu ƙwallaye masu tauri da ake kira kilinka. Kilinkar ce ake niƙawa da ɗan jibsin ta zama siminti. Ita ce mai cin wuta, ita ce mai tsada, kuma ita ce mai fitar da hayaƙi, domin kowane tan guda na kilinka yana sakin abin da ya haura kilo 800 na iskar kabon. Idan aka zuba wa siminti ruwa, abubuwa biyu ne ke fitowa. Na farko shi ne danƙon da ke kama yashi da tsakuwa ya mayar da su dutse. Na biyu wani sinadarin laim ne da ke zaune a cikin kankare ba tare da ya ƙara masa wani ƙarfi na kirki ba, kuma ruwa yana iya wanke shi a hankali.

A nan ne tokar kwal take shigowa. Tashoshin lantarki da ke ƙona garin kwal suna fitar da wata toka mai laushi ƙwarai wadda ke bin hayaƙi, ana tare ta kafin ta fita ta bututu. Zafin wutar ya riga ya narkar da ita, ta sandare cikin gaggawa ta zama ƙananan ƙwayoyi masu zubin gilashi, cike da silika. Ita kaɗai idan aka jiƙa ta ba ta kama komai. Amma idan ta haɗu da wancan laim da siminti ya bari, sai ta cinye shi ta mayar da shi ƙarin danƙo, ta toshe ƙananan ramukan da ruwa ke bi. Wannan aiki ba ya faruwa a rana ɗaya. Yana somawa ne bayan siminti ya yi nasa, ya ci gaba har watanni, kuma ba ya tafiya sai da danshi. Shi ya sa kankaren da ke da toka yake zama rarrauna a makon farko, amma bayan kwana 90 yakan kamo na siminti zalla, wani lokaci ya wuce shi.

Kashin ƙarfe kuwa datti ne da ke tasowa saman narkakken ƙarfe a babban tanderun da ake narka tama. Idan aka watsa masa ruwa mai ƙarfi yana fitowa da zafinsa, sai ya farfashe ya zama kamar yashin gilashi, a busar da shi a niƙa. Tun 1862 aka gano a Jamus cewa irin wannan gari yana kamawa kamar siminti idan ya sami abin da zai tayar da shi. Saboda yana da nasa laim a jiki, ana iya sa shi da yawa. Ƙa'idar Turai ta yarda da simintin da kashi 36 zuwa 65 cikin ɗari nasa kashin ƙarfe ne, har ma da wanda ya fi haka, yayin da tokar kwal aka fi tsayar da ita tsakanin kashi 15 zuwa 30. Madatsar ruwa ta Hungry Horse a Amurka, wadda aka kammala a 1953, tana cikin manyan ayyukan farko da aka zuba wa tokar kwal mai yawa, kuma tana nan tsaye. A Indiya da Afirka ta Kudu simintin da aka gauraya da toka shi ne abin da talaka ke saye a kasuwa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga magina na ƙasar Hausa. Laso da ake shafe soraye da shi a Kano da Zariya, daga katsi ake yin sa, wato laka da tokar da ke taruwa a ƙasan rijiyar marina. Amma ba a kwaso katsi a shafa shi yadda yake. Sai an busar da shi, an ƙona, an daka, sannan a haɗa da gashin jima da dafara. Magabata sun san cewa sharar wata sana'a ba ta zama kayan gini sai ta bi ta hannun wanda ya san gyaranta.

To, ina za a samo waɗannan kaya a kusa da Yola? Wannan ita ce tambayar da masu yaɗa maganar suka fi tsallakewa. Indiya da Afirka ta Kudu suna da toka ne domin da kwal suke samun mafi yawan lantarkinsu. Mu a Nijeriya lantarkinmu daga iskar gas da ruwa yake fitowa, kuma babu ɗayansu da ke barin toka. Tashar kwal ta Oji River a jihar Inugu, wadda aka buɗe a 1956, ta daɗe da mutuwa. Ta fuskar ƙarfe ma haka abin yake. An fara aikin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta tun ƙarshen shekarun 1970, amma babban tanderunta, wanda shi ne zai fitar da kashin da ya dace da siminti, bai taɓa aiki ba. Kamfanin Aladja a jihar Delta da ƙananan masana'antun da ke narka tsofaffin ƙarafa su fitar da rodi suna aiki ne da tanderun lantarki, kuma kashin da ke fitowa daga can wani abu ne daban. Yakan ƙunshi ɗanyen laim da ke kumbura idan ya sha ruwa, wani lokaci bayan watanni ko shekaru. Wanda ya zuba shi a harsashi ko daɓe ba tare da an ajiye shi ya huce an gwada shi ba, zai wayi gari daɓensa ya tashi ya tsage.

Wuri mafi kusa da mu da ake ƙona kwal da yawa shi ne Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gwambe, inda masana'antar siminti take aiki tun 1979, da kwal ɗin da ake haƙowa a Maiganga cikin ƙaramar hukumar Akko. Amma a nan ma akwai abin lura. Kwal ɗin da aka ƙona a cikin tanderun siminti ba ya barin tokar da za a kwasa, domin tokarsa tana narkewa ta shige cikin kilinka. Tokar da za a iya tarawa ita ce ta tashar lantarki mai megawat 16 da kamfanin ya gina wa kansa. Mu yi ƙiyasi mai sauƙi. A ce tashar ta yi aiki awa 8,000 a shekara, tana cin kilo ɗaya na kwal a kowane yunit na lantarki, za ta ƙona kusan tan 128,000. A ce kashi 15 cikin ɗari na wannan ya zama toka, an sami kamar tan 19,000 ke nan, kuma ba duka ce mai laushin da ake bukata ba. Idan aka ajiye wannan kusa da kusan tan miliyan ɗaya da masana'anta irin Ashaka ke iya fitarwa a shekara, bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Abu ne da bai kamata a zubar ba, amma ba shi zai karya farashin buhu a kasuwar Jimeta ba.

Yanzu mu ɗauki misali na aikin da kowa ya sani. Mutum yana gina gida a Jimeta, ya kai dekin mai faɗin murabba'in mita 100 da kaurin santimita 15. Kankaren da zai ci mita 15 ne na cikawa. Idan ana sa kilo 320 na siminti a kowace mita, wanda shi ne kusan abin da haɗin ɗaya, biyu, huɗu yake ci, ana bukatar kilo 4,800, wato buhu 96. Sai wani ya ba shi shawara ya cire kashi 20 cikin ɗari ya sa toka. Kilo 960 ke nan, buhu 19. A ido ya tsira da kuɗin buhu 19.

Amma injiniya ba haka yake lissafi ba. A ƙa'idar kankare ta Turai, kilo ɗaya na tokar kwal, wadda aka riga aka gwada ta ci jarrabawa, ana ƙirga shi ne a matsayin kilo 0.4 na siminti. Kilo 960 ɗin nan ya zama kamar kilo 384. Idan aka haɗa da kilo 3,840 na simintin da ya rage, abin da ke cikin dekin bai kai ƙarfin buhu 85 ba, alhali 96 ake so. Hanyar cike wannan giɓi ita ce rage ruwa. Idan a da ana zuba lita 176 a kowace mita, yanzu sai an sauko zuwa kusan lita 155. Toka mai kyau tana taimakawa a nan, domin ƙwayoyinta masu santsi suna sa kwaɓi ya yi laushi da ruwa kaɗan. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin zubin dekin a garin nan ya san ba a auna ruwa da lita. Lebura yana ƙara ruwa ne har sai kwaɓin ya yi sauƙin ɗauka da zubawa. A irin wannan aiki, toka ba za ta cike giɓin ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Simintin da muke saye an riga an rage masa kilinka tun daga masana'anta. Duk wanda ya duba jikin buhu zai ga alamar CEM II, sau da yawa da harafin L a gefe. Ma'anarta an niƙa ɗanyen dutsen farar ƙasa a ciki, daga kashi 6 zuwa 20 a nau'in A, daga 21 zuwa 35 a nau'in B. Wannan halas ne a ƙa'ida, kuma an gwada simintin a haka ya kai matakinsa na 32.5 ko 42.5. Amma idan buhu yana da kashi 25 na dutse da kusan kashi 5 na jibsin, kilinkarsa kashi 70 ce. Wanda ya sake cire kashi 20 ya sa toka, ya bar kilinka kashi 56 kawai. Ita kuma tokar tana jiran laim ne daga wannan kilinkar da aka rage sau biyu. Yawancin sakamakon da ake karantawa a littattafai an same shi ne da simintin CEM I, mai kilinka kashi 95 zuwa sama, wanda ba shi ne ke cike shagunanmu ba.

Sai maganar yanayi. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yana haura digiri 40, a lokacin hunturu kuma iska busasshiya ce. Zafi a kan kansa yana hanzarta aikin toka, wannan alheri ne. Amma yana yin haka ne kawai idan akwai ruwa a jikin kankaren. Dekin da aka zuba da safe, aka bar shi a rana babu rufi, fatarsa tana bushewa kafin la'asar. Siminti zalla yana ɗan jure wannan wulaƙanci domin yana kamawa da wuri. Mai toka ba ya jurewa. Idan ya bushe a kwanakin farko, tokar ba ta taɓa yin aikinta ba, ta zama ƙura kawai a cikin gini. Alamominsa a fili suke: fuskar dekin tana fitar da gari idan aka goga ta da tafin hannu, ƙusa tana karce ta cikin sauƙi, ƙananan tsage suna bazuwa, gefuna suna gutsurewa idan aka cire katako. Abin da ba a gani shi ya fi haɗari. Laim ɗin nan da muka ce ba ya ƙara ƙarfi, shi ne ke kare rodi daga tsatsa. Idan toka ta rage shi, kuma fatar kankare ta kasance mai ramuka saboda rashin ban ruwa, iska tana isa ga rodi da wuri, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Kankare mai toka yana bukatar a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko yashi mai danshi na aƙalla kwana bakwai, kwana 14 ya fi, kuma kada a yi gaggawar cire sandunan da ke tokare da shi.

Wani zai ce, tunda kwal ya yi mana nisa, ai muna da namu. Gaskiya ne. Kamfanin sukari na Numan yana ƙona tuƙar rake a tukwanensa, injinan casar shinkafa kuma suna tara tsibin ɓuntu a Yola da kewaye. Tokar ɓuntun shinkafa tana da silika da ya haura kashi 80 cikin ɗari, kuma idan aka ƙona ta a zafin digiri 500 zuwa 700 aka niƙa ta da kyau, tana cikin mafi ƙarfin irin waɗannan kaya. Amma idan wuta ta yi yawa, silikar tana rikiɗa ta zama kamar yashi, ba ta ƙara aiki. Idan wuta ta yi kaɗan, tokar tana fitowa baƙa da sauran gawayi, ta shanye ruwan kwaɓi ta raunana shi. Tokar murhu da ta gidan burodi kuwa ba su cikin wannan lissafi sam, domin kowace rana da irin icen da aka ƙona, kuma babu mai sanin abin da ke cikinsu. Ba kowace toka ce ke cin jarrabawa ba. A ƙa'idar Amurka, abin da ke ƙonewa ya ɓace daga tokar kwal idan aka sake gasa ta kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari, abin da ke tsayawa a rariya mai ido maikiron 45 kada ya wuce kashi 34, kuma idan aka maye kashi 20 na siminti da ita, ƙarfin ya kai aƙalla kashi 75 na wanda ba a taɓa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya ganewa da ido ko da hannu.

Wannan ne ya sa nake jin tsoron maganar idan ta shiga gidajen bulo. Tun kafin zancen toka, matsalar bulo a garuruwanmu ita ce yawan yashi da ƙarancin siminti da rashin ban ruwa. Mai buga bulon da ya riga ya miƙe buhu ɗaya iya miƙewa, idan aka ce masa masana sun halatta toka, an ba shi hujjar ƙara cutar da mai saye ne. Unguwannin da ruwa ke kwanciya a cikinsu duk lokacin da Binuwai ya cika, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, su ne za su fara biyan kuɗin wannan ganganci, domin bulo mai rauni idan ya kwana cikin ruwa marmashewa yake yi.

Abin takaici shi ne, waɗannan wurare masu danshi su ne suka fi kowa bukatar kankare mai toka ko kashin ƙarfe idan an yi shi daidai. Harsashin gada, magudanan ruwa, kwalbati, tankunan ƙasa da katangar tare ambaliya duk suna amfana da kankaren da ruwa ba ya ratsa shi cikin sauƙi. Manyan harsasai masu kauri kuma suna amfana da ƙarancin zafin da yake fitarwa yayin kamawa, wanda ke rage tsagewa. Irin waɗannan ayyuka suna da injin auna kwaɓi, suna da injiniya a tsaye, kuma ana iya jiran kwana 56 kafin a yanke hukunci a kan ƙarfinsu. Daga nan ya kamata a fara.

Saboda haka ina ganin hanya uku ce a gabanmu. Ta farko, masana'antu su ɗauki nauyin. Tokar da ke fitowa daga tashar Ashaka, idan gwaji ya nuna ta dace, a niƙa ta tare da kilinka a can, a rubuta a jikin buhu. Kamfanin BUA ya sanar a 2020 da shirin kafa masana'antar siminti a yankin Guyuk da Lamurde. Duk masana'antar da za ta tashi a wannan yanki tana maƙwabtaka da tokar rake ta Numan, kuma ya dace gwamnatin jiha ta sa maganar amfani da ita cikin tattaunawa tun daga tushe. Ta biyu, Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa su yi gwaje-gwajensu da simintin da ake sayarwa a Jimeta, da yashin Binuwai, a ƙarƙashin ranar Yola, su bi samfurin har kwana 90, su kuma bayyana sakamakon da harshen da magini zai gane. Ta uku, hukumar kula da ingancin kaya ta SON da majalisar injiniyoyi ta COREN da ma'aikatar ayyuka su fito fili su ce haɗa toka da siminti a wurin gini ba tare da takardar gwaji ba algus ne, su kuma riƙa ɗaukar samfurin bulo daga gidajen bulo suna gwadawa.

Kai kuma mai gini, idan kana son rage kuɗi, akwai inda za ka rage ba tare da ka taɓa buhu ba. Ka sa a wanke laka daga yashi, ka hana ƙara ruwa barkatai, ka ajiye simintinka a kan katako nesa da danshi, ka ba dekinka ruwa mako biyu. Duk wanda ya kawo maka toka ko garin kashin ƙarfe ya ce madadin siminti ne, ka tambaye shi daga wace masana'anta ta fito, wane ɗakin gwaji ya auna ta, kuma wane injiniya ne zai sa hannu a kan haɗin. Idan bai amsa waɗannan uku ba, kada ka bari ta shiga ginin da iyalinka za su kwana a ƙarƙashinsa.